Yadda likita zai yi sallama da majinyatan da ya daɗe yana dubawa idan zai koma wani asibiti

Na shafe shekara 9 ina duba masu hawan jini da ciwon sukari kowace Talata da Alhamis a wani asibiti da ke tsakanin Aboabo da Asawase a Kumasi, kafin aiki ya mayar da ni Tamale. Wannan shi ne karo na biyu da na bar majinyata a baya. A karon farko, ina sabon likita, na tafi cikin mako uku ba tare da na sanar da kowa ba sai shugabannin asibiti, kuma daga baya labari ya iske ni cewa wani dattijo da na yi shekara biyu ina dubawa ya zo sau ɗaya, ya tarar da baƙuwar fuska a kujerata, ya koma gida bai sake dawowa ba. Maganinsa ya ƙare, bai sayi wani ba, bayan wata biyar aka kai shi asibitin koyarwa na Komfo Anokye da shanyewar ɓarin jiki. Abin da zan tsara a nan shi ne hanyar da na bi a karo na biyu, domin sallamar likita da mai ciwon da ba ya warkewa miƙa amana ce daga hannu zuwa hannu, kuma a wurin miƙawar ne abu yake faɗuwa.

Ka fara da lissafin kwanaki

Dokar ƙwadago ta Gana ta shekarar 2003 ta ce ma'aikacin da kwantiraginsa ya kai shekara uku ya ba da sanarwar wata ɗaya kafin ya bar aiki, wanda nasa bai kai haka ba kuma ya ba da ta mako biyu. Wannan lissafi ne tsakaninka da mai asibiti, bai kula da majinyata ba ko kaɗan. Lissafin da ya shafe su shi ne tazarar da ke tsakanin zuwa da zuwa. Idan mutum 240 ne a hannunka, kuma yawancinsu bayan wata uku suke dawowa, to cikin wata ɗaya kusan 80 kawai za ka gani, sauran 160 sai dai su ji labarin tafiyarka a bakin mai ba da kati. Saboda haka ka ɗauki tazara mafi tsawo da kake bai wa majinyatanka, ka ƙirga ta daga ranar tafiya zuwa baya, ranar da lissafin ya faɗa ita ce ranar da za ka fara faɗa wa mutane. A wurina mako 12 ne.

Kafin ka buɗe baki ga majinyaci ko ɗaya, ka zauna da shugaban asibiti ku yanke abu uku: ranar da za ka yi aiki na ƙarshe, wanda zai karɓi ranakun dubawarka, da kalmomin da ma'aikata za su faɗa idan an tambaye su. Na biyun ya fi kowanne nauyi. Idan ka ce wa tsohuwa za ka tafi, tambayar da za ta fara yi ita ce wa zai duba ta, kuma amsar "za a samo wani" a kunnenta daidai take da "babu kowa". In ba a riga an ɗauki sabon likita ba, a sa sunan mataimakin likita ko babbar nas da za ta riƙe asibitin kafin ya iso. Ka kuma gaya wa nas-nas da masu ɗakin kati da mai ba da magani a rana ɗaya, domin a Zango labari ba ya kwana, kuma idan ya fita ta bayan gida yakan fita da ƙari, har a ce an kore ka ko asibitin zai rufe.

Wani lokaci takardar sauyin wurin aiki takan zo da wa'adin mako biyu ko uku, babu yadda za ka yi. A irin wannan hali ba kowa za ka gani ba, don haka mataki na gaba shi ne zai cece ka.

Ka ware waɗanda tsaikon magani zai iya kashewa

Ka ɗauko rajistar asibiti, ka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya da biro a hannu, ka sa alama a kan duk wanda rashin magani na kwanaki kaɗan zai iya jefa shi cikin haɗari. Masu allurar insulin suna ciki, da masu farfaɗiya, da masu shan wafarin don tsinka jini, da masu ciwon zuciya da ƙafafunsu ke kumbura, da masu ciki da jininsu ya hau, da masu tarin fuka da ba su cika wata shida na magani ba, da masu shan maganin ƙanjamau. Ka ƙara da wani rukuni da ake yawan mantawa, wato waɗanda ka aika gwaji kuma sakamakon bai dawo ba, musamman tsokar da aka yanka aka kai ɗakin bincike. Takardar sakamako takan iso da sunanka a kai bayan ka tafi, a jefa ta cikin folda, babu wanda ya san ana jiran ta.

A cikin mutum 240 na ware 31. Waɗannan ban jira ranar zuwansu ba. Na sa nas ta kira su ta wayar asibiti, aka matso da ranakunsu zuwa makonni huɗu na farko, domin in an sami abin gyara a gyara shi ina nan, in kuma sake ganinsu sau ɗaya kafin in tafi. Wannan ya kawo wata ƙa'ida da nake riƙe da ita: kada ka sauya wa mutum magani a ganinku na ƙarshe sai dole. Duk sabon magani yana bukatar wanda zai duba sakamakonsa bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma idan ya jawo jiri ko tari bayan tafiyarka, majinyaci zai ɗora laifin a kan sabon likita da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Takardar miƙa aiki, da misalin wata Hajiya

Foldar wanda ya yi shekara takwas yana zuwa ta kai kaurin tafin hannu, kuma likitan da ke da mutum 50 a kan benci ba zai karanta ta ba. Ko da asibitinku ya koma na'ura, matsalar tana nan, domin bayanin da ya fi amfani yana binne a shafi na talatin. Abin da ake bukata shi ne shafi ɗaya tak a saman folda, wanda baƙon likita zai karanta cikin minti biyu.

Bari in nuna da wata Hajiya mai shekara 63, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, wadda ta yi shekara 8 a hannuna da ciwon sukari da hawan jini. A saman takardarta na rubuta cututtukan da shekarar da aka gano kowanne. Sannan magungunan da take sha a yau da adadinsu: metfomin miligiram 1000 safe da yamma, gilikilazayid 80 safe da yamma, amlodifin 10 sau ɗaya, losatan 50 sau ɗaya. Wannan kowa zai iya rubutawa. Abin da ni kaɗai na sani shi ne layin da ke biye, wato magungunan da aka gwada aka bari da dalilin barinsu. An taɓa ba ta lisinofiril, ya sa ta busasshen tari na wata huɗu, har ta sha maganin tari kwalba shida kafin mu gane tushensa, shi ya sa aka koma losatan. Idan ban rubuta wannan ba, ranar da losatan ya ƙare a ɗakin magani wani zai mayar da ita kan lisinofiril da kyakkyawar niyya, tarin ya dawo.

Bayan haka sai sakamakon gwaje-gwaje, kuma a nan lamba ɗaya ba ta wadatar, sai an jera uku na ƙarshe da kwanan watansu don a ga inda abin ya dosa. Gwajin HbA1c nata, wanda ke nuna matsakaicin sukari na kusan wata uku, ya tsaya tsakanin 7.4 da 7.8, ba abin damuwa ba ne a shekarunta. Amma awon aikin ƙoda da ake rubuta wa eGFR ya sauko daga 61 zuwa 54 zuwa 48 cikin shekara biyu. Wanda ya ga 48 kaɗai zai wuce, wanda ya ga jerin zai tsaya. Don haka na rubuta a ƙasa da manyan baƙi cewa a maimaita gwajin ƙoda a wata kaza, idan ya sauka ƙasa da 45 a rage metfomin kada ya wuce miligiram 1000 a rana, idan ya sauka ƙasa da 30 a dakatar da shi gaba ɗaya a tura ta wurin likitan ƙoda a Komfo Anokye da takardar turawa. Na ƙara da cewa tana sayen dikilofenak a kemis saboda ciwon gwiwa, ba ta faɗa sai an tambaye ta kai tsaye, kuma shi ne abin da na fi zargi wajen cin ƙodar.

Sashe na ƙarshe shi ne abin da ba ya shiga folda. Hajiya ba ta karanta boko, tana gane magungunanta ne da launi da girma, don haka duk ranar da kamfanin magani ya sauya, sai an nuna mata sabon a tafin hannunta. Hausa take ji sosai, harshen Asante kuwa na ciniki take yi, bai kai na bayanin ciwo ba. 'Yarta ta biyu ce ke tsara mata magani, kuma ita Hajiya ta yarda a yi magana da ita. Tana azumin Ramadan duk shekara, ko an hana ta za ta yi, saboda haka na rubuta tsarin da muka saba: cikakken adadin gilikilazayid na safe ya koma lokacin buɗa-baki, rabin na yamma ya koma sahur, kuma ta amince za ta karya azumi idan na'urar gida ta nuna ƙasa da 3.9 mmol/L ko ta ji rawar jiki da gumi. Sai da muka yi shekara uku kafin mu kai ga wannan yarjejeniya, kuma azumi ya rage wata biyu bayan ranar tafiyata. Da na bar shi a kaina, da sabuwar likitar ta fara daga farko a mako mafi haɗari.

Kowace takarda takan ci minti 15 zuwa 20. Ga mutum 31 wannan aikin yammaci ne na mako biyu, ga sauran kuma layi huɗu ko biyar sun isa. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a folda, ɗaya a hannun majinyaci, amma ka kula da abin da za ka sa a kwafin hannu. Takarda tana yawo a gida, jikoki suna karantawa, don haka mai ciwon da yake ɓoyewa a tambaye shi tukuna ko yana son a rubuta sunan ciwon.

Zaman sallama

Ka faɗi maganar a farkon zama, bayan gaisuwa, kada ka bar ta sai mutum ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Wanda aka gaya wa a bakin ƙofa yakan tafi da tambayoyinsa gida. Ka faɗe ta a miƙe, da rana da wuri da sunan magaji, sannan ka yi shiru. Ga yadda tawa da Hajiya ta kasance.

"Hajiya, akwai maganar da nake so ki ji daga bakina kafin ki ji a waje. An mayar da ni Tamale, ƙarshen watan jibi zan bar nan. Asibitin Talata yana nan yadda yake, wata likita ce za ta karɓe ni, kuma yau za ki gan ta."

Ta daɗe tana gyara mayafinta ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ɗana, yanzu wa zai san jikina? Shekara takwas fa."

"Gaskiya ne, Hajiya, ba za ta san ki a rana ɗaya ba. Shi ya sa na rubuta mata duk abin da na sani, har tarin nan da maganar azumi. Bari in karanta miki, in na manta wani abu ki tuna mini."

Karanta wa majinyaci takardarsa yana da amfani biyu. Yana kwantar masa da hankali cewa tarihinsa bai tafi da kai ba, kuma yana kama kuskure. A nan ne Hajiya ta gaya mini cewa ta daina shan amlodifin a ranakun da za ta tsaya a shago tun safe saboda kumburin ƙafa, abin da ban sani ba. Daga nan na aika aka kira sabuwar likitar, ta shigo ta rusuna ta gaishe ta, na ce a gabanta, "Ga mahaifiyarmu nan, na damƙa miki ita." Minti uku ne, amma ranar da Hajiya ta dawo fuskar da ta tarar ba baƙuwa ba ce. Idan magajinka ba ya jin Hausa, ka haɗa majinyaci da nas ɗin da za ta riƙa fassara, ya san sunanta, domin bai dace jika ɗan shekara 12 ya zama tafintan ciwon mara na kakarsa ba.

Wasu za su yi kuka, wasu za su yi fushi, kuma duka biyun sabo ne, an ce shi ake yi wa kuka. Kada ka cika wurin da alkawarin da ba za ka iya cikawa ba, irin "zan riƙa zuwa duk wata". Kada kuma ka kawo ƙorafinka da masu asibiti ko da shi ne ya kore ka, domin mutumin da ke gabanka zai ci gaba da karɓar magani a nan, kuma idan ka zubar masa da amincin wurin ka bar shi ba shi da inda zai je. Neman yafiya al'adarmu ce, ka yi shi da zuciya ɗaya. Sai dai idan akwai wani kuskure na aiki da ka taɓa yi a kan mutum wanda bai sani ba, "a yafe mini" na gaba ɗaya ba ya wanke shi. Ka faɗa masa abin da ya faru, ka rubuta a folda.

Kyauta za ta zo. Goro, turare, ƙwan zabi, yadin shadda, waɗannan ka karɓa da hannu biyu ka raba da ma'aikata, domin mayar da su cin fuska ne. Ambulan mai kuɗi a ciki kuwa ka mayar cikin ladabi, ka ce a sa a kuɗin gwajin ƙoda na gaba.

Kafin mutum ya fita, abu uku su kasance a hannunsa: ranar dawowa a rubuce a katinsa, maganin da zai kai shi wannan rana har da rarar mako guda gwargwadon abin da ƙa'idar ɗakin magani ta yarda, da katin inshorar lafiya mai rai. Kati yakan mutu ba a sani ba, sai a zo a tarar ana neman kuɗi, kuma a lokacin sauyin likita wannan kaɗai ya isa ya sa tsoho ya daina zuwa. Ana sabunta shi ta waya da lambar *929#, nas za ta iya taimaka wa mutum nan take.

Masu cewa za su bi ka

Tamale ta yi nisa, don haka wannan bai dame ni ba, amma wanda zai koma wani wuri a nan Kumasi, kamar Tafo ko Suame ko Bantama, zai sha wannan tambaya kullum. Majinyaci yana da 'yancin zaɓen inda zai je, kuma idan ya tambaye ka inda za ka koma ka faɗa masa gaskiya. Abin da bai halatta ba shi ne ka kwafi lambobin waya daga rajistar asibiti ka tafi da su ka riƙa kira, ko ka ɗauki hoton folda a wayarka. Bayanan suna hannun asibitin ne a matsayin amana, dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta shafe su, kuma irin wannan yana iya kai ka gaban hukumar da ke kula da lasisin likitoci. Wanda ya zaɓi bin ka ya nemi taƙaitaccen rahotonsa daga asibitin da kansa.

Ka kuma gaya masa abin da bin ka zai ci. Idan sabon wurin ba ya karɓar inshora, maganin da yake samu da kati zai koma na aljihu duk wata. Idan babban asibiti ne na koyarwa, ba a shiga asibitin ƙwararru sai da takardar turawa. Wasu dattawan Kumasi har yanzu suna tuna tsarin da aka gwada a jihar Ashanti daga 2012, wanda ya ɗaure katin mutum a asibiti guda, suna zaton yana nan. An daina shi, kati yana aiki a duk asibitin da hukumar inshora ta amince da shi. Abin da ya fi muni shi ne mutum ya raba ƙafa, ya karɓi magani a wurinka ya kuma karɓa a tsohon asibiti, ya haɗa losatan na can da lisinofiril na nan yana sha tare, abin da ke iya lalata ƙoda ya tara sinadarin fotasiyam a jini. Ka ce masa ya zaɓi wuri ɗaya.

Ga waɗanda ba ka samu gani ba, a manna sanarwa a ƙofar ɗakin dubawa da wurin karɓar kati, da Hausa da Turanci, layi huɗu: ranar tafiya, sunan magaji, cewa ranakun asibiti ba su sauya ba, da kalmar godiya. Nas ta riƙa karanta ta da baki kowace safiya lokacin jawabin lafiya, tunda da yawa ba za su karanta ba. Kada ka buɗe zauren WhatsApp ka zuba majinyata a ciki don yin sallama, domin kowa zai ga lambar kowa, kuma maƙwabci zai gane maƙwabcinsa yana zuwa asibitin da yake ɓoyewa.

Bayan ka tafi

Wayarka za ta yi ta ƙara, musamman a wata biyu na farko. Ka amsa gaisuwa, ka tambayi iyali, amma kada ka rubuta magani ko ka sauya adadi ta waya, domin ba ka ga awon jinin yau ba, ba ka san abin da magajinka ya sauya ba, kuma duk abin da ka faɗa ba zai shiga folda ba. Idan abin da aka faɗa maka na gaggawa ne, kamar ciwon ƙirji ko karkacewar baki ko nauyin harshe, ka ce a tafi asibiti mafi kusa yanzu. Idan ba na gaggawa ba ne, ka ce a je ranar Talata, kai kuma ka aika wa magajinka saƙo cewa wane zai zo da matsala kaza.

Aiki na ƙarshe shi ne wanda zai nuna maka ko miƙawar ta yi. Ka bar jerin mutanen da ka ware a hannun babbar nas, kowane suna da ranar dawowarsa a gefe, ku yi alkawari za ka kira ta bayan mako shida ku bi jerin tare, tana karanto lambobin kati. Da na kira, cikin 31 mutum 27 sun zo a ranakunsu. Biyu sun yi tafiya, ɗaya ya koma wurin ɗansa a Ejura da takardarsa a hannu. Na huɗun wani mai farfaɗiya ne da wayarsa ba ta shiga, sai aka tura ma'aikaciyar lafiya ta unguwa gidansu, ta tarar saura ƙwaya huɗu a ledarsa, ta taho da shi asibiti washegari. Hajiya ta zo da 'yarta mako biyu kafin azumi, an maimaita gwajin ƙoda ya nuna 44, sabuwar likitar ta rage metfomin zuwa 500 safe da yamma kamar yadda takardar ta ce, ta kuma sa a dawo da ita a mako na biyu na Ramadan don a duba littafin awon sukarinta.